Martani ga Mai Cewa Kurma Ba Shi da Mazauni a Aji

Wani malami daga cikin ma'abota alƙalami, wanda ya daɗe yana karantarwa kuma ba a tuhumarsa da ƙarancin kishi, ya rubuta maƙala a kwanakin baya yana mai cewa zancen haɗa yara kurame da masu ji a aji guda bidi'a ce da aka kwaso daga ƙasashen da ajinsu ba ya wuce yara ashirin, kuma a irin makarantunmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, inda malami ɗaya yake fama da yara tamanin ko ɗari, babu abin da zaman kurma yake haifarwa face ɓata lokacinsa da na malami da na sauran yara. Daga nan ya yanke hukunci cewa duk yaron da aka tabbatar ba ya ji, a kai shi makarantar kurame ta Tudun Maliki a birnin Kano, wanda kuwa iyayensa ba su da hali, a danƙa shi ga tela ko kafinta ya koyi abin da zai riƙe kansa. Adalci ya wajabta a ce akwai gaskiya a cikin maganarsa, kuma zan ba shi ita a inda ta dace; amma ya yi hukunci a dunƙule a kan mas'alar da ba ta karɓar hukunci sai da tafsili, kuma illar wannan ijmali tana faɗawa ne a kan yaran da ya yi nufin tausaya wa.

Kuskuren farko yana cikin kalmar da ya gina maƙalarsa a kanta, domin ya tara yara iri uku ya kira su duka kurame. Akwai wanda aka haifa ba ya ji ko kaɗan, ko ya rasa ji tun kafin harshensa ya buɗe, wanda jama'a suke kira bebe. Akwai wanda ya yi magana ras har ya shekara shida ko takwas, sa'an nan sanƙarau ko ƙyanda ko hangum ko wata allura mai ƙarfi ta tafi da jinsa. Wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya ta kashe sama da 11,000, kuma Kano na cikin inda ta fi tsanani, ya san cewa daga cikin waɗanda suka tashi daga wannan ciwo akwai da dama da suka tashi ba kunne. Na uku shi ne mai nauyin kunne, wanda yake ji amma da giɓi, sau da yawa saboda ciwon kunnen nan mai zubar da mugunya wanda yake huda dodon kunne, ko ruwa da ya taru a bayan dodon sakamakon mura, ko dauɗa da ta toshe kafar. Wannan kashi na uku shi ne mafi yawa nesa ba kusa ba, kuma Malam bai keɓe shi da ambato ba ko da a layi guda, alhali kuwa suna zaune a ajin da yake magana a kai tun tuni, ba wanda ya kawo su da sunan wata manufa ta Turawa, kuma sunan da suke amsawa a bakin malamai shi ne daƙiƙi, ko mai taurin kai, ko mai kunnen ƙashi.

Bari mu ƙaddara ɗaya daga cikinsu, mu bi shi da ƙididdiga, domin a ga inda cikas ɗin yake. Yarinya ce 'yar aji uku a wata firamare da ke bakin titin da ya taso daga Kwanar Dangora ya nufi Tudun Wada. Kunnenta na dama yana zuba tun tana goye, na hagu kuma yakan toshe duk lokacin hunturu. Ajin yana da tsawon mita 8, rufin kwano ne ba silin, tagogi ba marufi, kuma da yake ita mai kunya ce, kuma 'yan mata a baya suka saba taruwa, mazauninta yana jikin bangon ƙarshe. Masana sauti suna auna ƙarfin murya da ma'aunin da suke kira desibel, kuma ƙa'ida ce tabbatacciya a wurinsu cewa duk sa'ad da tazara ta ninka, muryar da ta taho kai tsaye daga baki takan ragu da desibel 6. Idan malami ya ɗaga murya ta kai 65 ga wanda yake mita 1 daga gare shi, to a mita 2 ta koma 59, a mita 4 ta koma 53, a mita 8 ta koma 47. Hayaniyar aji mai cike da yara, da tari da jan benci da karatun ajin maƙwabta da tirelolin da ke wucewa, ba wuya ta kai 60, kuma ita ba ta raguwa da nisa, domin daga ko'ina take tasowa. Ma'ana, yaron layin gaba yana samun murya da ta rinjayi hayaniya da 5, ita kuwa yarinyar nan hayaniya ce ta rinjayi murya da 13, alhali abin da likitocin kunne suke sharɗantawa ga yaro mai rauni a ji shi ne murya ta ɗara hayaniya da 15 aƙalla. Amon da yake dawowa daga bango da kwano yana ƙara ƙarar, gaskiya ne, sai dai yana cakuɗa haruffa, ta yadda ƙarshen wata kalma yake hawa kan farkon wata.

Abin da yake isa kunnenta a wannan hali shi ne wasula, domin su ne masu ƙarfi, baƙaƙe kuwa, musamman masu siririn sauti irin su s da sh da f da k da ts, su ne farkon ɓacewa. Malami ya ce uku, ita ta ji u da u, ba ta san ko huɗu ya ce ba. Ya ce talatin, ta rubuta tamanin. A allo lissafinta daidai yake fita, a baka kuwa da shifta kullum sifiri, kuma wannan saɓani tsakanin aikin ido da aikin kunne shi ne alama mafi bayyana ga malamin da ya san abin da yake nema. Sauran alamomin ƙanana ne amma ba sa ɓuya: tana karkatar da kai ta miƙo kunne guda, tana kallon littafin ta kusa da ita kafin ta buɗe nata, idan an kira ta daga baya ba ta waiwaya, kuma bayan tara ta biyu sai ka ga ta yi laushi ta kifa kai, saboda wahalar cike giɓin magana da ƙiyasi tun safe. Malami da ya ga ba ta amsa ba yakan daka tsawa, tsawa kuwa wasulan da take ji dama take ƙara wa ƙarfi, ta bar baƙaƙen a inda suke, ta kuma murguɗa leɓɓan da yarinyar take ƙoƙarin karantawa. Idan Turanci ya karɓe darasi, ƙiyasin ma ya ƙare, domin mutum ba ya cike giɓi a harshen da bai sani ba.

To, ina tambayar Malam, da ladabi: wannan yarinya Tudun Maliki za a kai ta? Tana magana, tana ji idan an matso, ba ta san maganar hannu ba, kuma abin da take bukata bai kai kuɗin allin zango guda ba. A fara da gwajin raɗa, wanda kowane malami zai iya yi a ƙarƙashin bishiya nesa da hayaniya: ya tsaya bayan yaro da tazarar hannu guda don kada ya ga bakinsa, ya sa a danna ƙofar kunne ɗaya ana murza ta a hankali, ya fitar da numfashinsa duka, sa'an nan ya raɗa lambobi uku, yaron ya maimaita, a sake da wasu ukun, a juya ɗaya kunnen. Wanda ya kasa kawo rabi, a rubuta wa iyayensa takarda zuwa asibiti. Dauɗa da mugunya ana maganinsu a babban asibitin ƙaramar hukuma, awon ji na na'ura kuwa sai sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. A cikin aji, a dawo da ita layi na biyu, ta gefen da zai sa kunnenta mai dama-dama ya fuskanci malami da sauran yara, nesa da tagar titi. Da wannan matsawa kaɗai, daga mita 8 zuwa mita 2, ta ci ribar desibel 12 ba a sayi komai ba. Malami ya daina magana yana fuskantar allo, ya daina tsayawa a bakin ƙofa haske na bayansa fuskarsa ta zama inuwa, ya rubuta shafi da lambar tambaya da sababbin kalmomi kafin ya faɗe su, kuma idan wani yaro ya ba da amsa daga baya, ya maimaita ta da bakinsa. Idan zai gwada ko ta gane, ya ce ta faɗi abin da za a yi, domin tambayar ko ta ji amsarta kullum gyaɗa kai ce. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake tauye haƙƙin sauran yara, bal ma su ne farkon cin moriyarsa, kuma a nan hujjar ɓata lokaci ta faɗi.

Na san za a ce a saya mata na'urar ji a huta. Tana da amfani idan an auna kunne an daidaita ta, amma ba a sa ta a kunnen da yake zuba, batirinta yakan ƙare cikin mako ɗaya ko biyu, robar da ke shiga kunne tana bukatar sauyi yayin da yaro yake girma, kuma tana ƙara hayaniya kamar yadda take ƙara murya. Na'urorin da ake rabawa a taron biki ba tare da awo ba galibi a ƙasan akwati suke ƙarewa.

Yanzu mu zo inda Malam yake da gaskiya, wato bebe da kuma wanda ciwo ya ɗauke jinsa ƙat. A zaunar da irin wannan yaro a layin gaba, a ce ya karanta leɓɓan malami, a rubuta a rahoto cewa an haɗa shi da 'yan uwansa, wannan yaudara ce, kuma ina tare da Malam wajen ƙin ta. Leɓe ba ya nuna Hausa sai kaɗan: bari da ɓari da mari duk motsi guda ne a ido, k da ƙ da g a can cikin baki ake yin su ba a ganinsu, jan wasali da karin sauti kuwa, waɗanda suke rarrabe ma'anoni da yawa a harshenmu, da kyar suke barin wata alama a fuska. An jarraba wannan hanya a duniya an ga ƙarshenta. Taron malaman kurame da aka yi a Milan ta Italiya a 1880 ya zartar da a kori hannu daga aji a tilasta baki, aka shafe kusan ƙarni ana yaye kurame da ba su ƙware a magana ba, ba su ƙware a karatu ba, har sai da magadan wannan taro suka fito a Vancouver a 2010 suka yi bara'a daga hukuncin. Kuma da Malam ya karanta takardar Salamanca ta 1994, wadda ita ce asalin wannan manufa da yake suka, da ya tarar ita da kanta ta keɓe kurame, ta yi iƙirari da muhimmancin harshen hannu, ta kuma yarda cewa mai yiwuwa karatunsu ya fi kyau a makaranta ta musamman ko a sashe na musamman cikin makarantar gama-gari. Ashe abin da ya kai wa hari mummunan aiwatarwa ne, ya zaci shi ne nassin.

Sai dai maganin da ya bayar, ga mutumin kudancin Kano, magani ne a gonar yaro. Makarantar Tudun Maliki, wadda aka kafa a 1977, ta yi wa jihar nan hidimar da ba mai musunta, amma makaranta ce guda a cikin birni, tana ɗauke da kurame da makafi, daga firamare zuwa sakandare, kuma ba a gina ta don ta ɗauke nauyin ƙananan hukumomi 44 ba. Daga Riruwai, hedikwatar Doguwa, zuwa Kano tafiyar ta haura kilomita 150, a ratsa dajin Falgore, a wuce Tudun Wada, a faɗo babban titin Zariya. Wane manomi ne a Burji ko Tagwaye zai ɗauki 'yarsa mai shekara shida, wadda ba za ta iya faɗin sunan garinsu ba in ta ɓata, ba za ta iya kai ƙara ba in an cuce ta, ya ajiye ta a makarantar kwana a wannan nisa? Ba zai yi ba, kuma ba na zarginsa. Abin da zai faru shi ne a jira ta girma, kuma a wannan jira ne asarar take, domin harshe, na baki ne ko na hannu, yana da lokacin shiga, wanda shi ne shekarun farko na ƙuruciya. Wanda ya kai shekara goma ko sha biyu bai mallaki cikakken harshe ba, ko an kai shi makaranta mafi kyau daga baya, da wuya ya cimma tsararsa a karatu. Shi kuwa wanda sanƙarau ya kurmantar yana da shekara bakwai, yana riƙe da Hausarsa, kuma maslaharsa ita ce a gaggauta ɗaure wannan Hausa da rubutu kafin lafazinsa ya fara zamewa, a cikin yaran da suka san muryarsa. A cire shi daga aji a watan da ya tashi daga jinya zalunci ne a kan musiba. Saboda haka idan aka ce Tudun Maliki ko tela, a aikace an ce tela ke nan, kuma telan da bai iya karanta awo ba, bai iya rubuta bashi ba, har ya tsufa yaron shago ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki a maƙalar shi ne kiran wannan al'amari baƙo, alhali ƙasar Hausa tana da harshen hannu nata na gado. Maganar hannu, wadda wasu suke kira maganar bebaye, ta girmi kowace makarantar kurame a ƙasar nan, kuma wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta nazarce ta, ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000, inda ta nuna harshe ne mai ƙa'idojinsa, kuma masu ji da yawa suna taɓa shi gwargwado. Wanda ya tsaya a kasuwar Kafin Maiyaki ya ga bebe yana cinikin akuya, yana taɓa ƙugunta yana yatsine fuska, dillali yana mayar masa da farashi da yatsu har a shirya, ya ga hujjar da idonsa. Baƙon a nan shi ne harshen hannun makaranta, wanda asalinsa na Amurka ne, ya shigo ta hannun Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke baƙar fata da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Yana da fa'idarsa, domin da shi ake haɗuwa da kuramen sauran jihohi a manyan makarantu, amma yaron da aka fara da shi kaɗai yakan dawo hutu ya tarar uwarsa ba ta gane shi. Ta fuskar shari'a ma ba mu da uzuri. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Zakariyya, alaihis salam, da aka sanya masa alamar kada ya yi wa mutane magana kwana uku sai da ishara, kuma fuƙaha'u, musamman na mazhabarmu ta Malikiyya, sun tabbatar da cewa isharar bebe, matuƙar ana fahimtarta, tana tsayawa a matsayin lafazi a ciniki da aure da saki. Shari'ar da ta ɗaura aure da hannu, yaya za a ce ba a koyar da lissafi da shi?

Tsakanin ajin da ba ya jin yaro da makarantar da ba ya iya kaiwa akwai hanya ta uku, kuma ita nake kira a kai. A kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin nan huɗu a zaɓi firamare guda a garin da hanya take bi, a ware ɗaki ɗaya mai silin da haske, a tara kurame takwas zuwa goma daga ƙauyukan kewaye, a jera kujerunsu kamar jinjirin wata domin kowa ya ga hannun kowa. A ba su malami ɗaya da ya karanta ilimi na musamman, irin waɗanda Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos da Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo suke yayewa, kuma tare da shi a ɗauki babban kurma ɗan yankin, namiji ko mace, a biya shi albashi. Wannan na biyu shi ne ginshiƙin aikin, domin malamin da ya koyi alamomi ɗari biyu a kwas na mako biyu ba zai ba yaro harshe ba, sai wanda harshen nasa ne. Da safe su yi maganar hannu da karatu da rubutu a ɗakinsu, a fara da maganar hannun gida a ɗora ta makaranta a kanta. Lissafi da zane da aikin hannu da motsa jiki su yi tare da sauran yara, malaminsu yana fassarawa. Kuma sauran yaran a ba su minti goma na maganar hannu a taron safe, wanda sukan cafke da sauri fiye da manya. Ranar kasuwar garin a buɗe ɗakin ga iyaye mata na sa'a guda. Dokar hana wariya ga masu bukata ta musamman da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta riga ta ba waɗannan yara haƙƙin ilimi, kuma jihar da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024 ba za ta ce ɗakuna huɗu da ma'aikata takwas sun fi ƙarfinta ba.

Ba na ɓoye iyakar wannan shawara. Doguwa ƙasa ce mai faɗi da duwatsu, ɗaki guda ba zai wadatar da ita ba, kuma yaron da ƙauyensa yake nesa sai an nema masa riƙo a gidan dangi a garin, yana komawa gida ranar Juma'a, wanda duk da haka ya fi kilomita 150 sauƙi a zuciyar uwa. Abin da ya fi kashe irin wannan sashe kuwa sananne ne: a yi wa malamin canjin wurin aiki a turo wanda bai iya hannu ba, ko hedimasta ya ga ɗaki mai yara goma alhali wani yana da ɗari, ya kwashe malamin ya kai shi can. Mai duba makarantu zai gane ko sashen yana raye cikin minti biyar, idan ya bar rajista ya fita fili lokacin tara, ya duba ko kuramen suna hira da juna da hannu har da gardama da dariya, ko akwai mai ji ko guda a cikinsu, sa'an nan ya miƙa wa ɗan aji uku takarda da aka rubuta masa ya kawo alli biyu daga ofis, ya tsaya ya ga abin da zai dawo da shi. Wanda ya gama aji shida a irin wannan ɗaki yana da shekara goma sha biyu, da harshe a hannunsa da rubutu a littafinsa, shi ne ya isa a sa shi a mota zuwa sakandaren Tudun Maliki, kuma a wannan gaɓa ni da Malam ba mu da saɓani.